Zoben Ƙarshe na Gungumen

Shekara tara ke nan da ita, mai binciken kayan tarihi, ta tono wani gungumen ice a kufan wani tsohon gari. Mijinta kafinta ne a gidan tarihi. Tun yana neman aurenta ya kankare ruɓaɓɓen bayan icen, ya goge shi har yana sheƙi, don kawai ya burge ta. Ita kuwa littafinta duka a kan tambaya ɗaya ya tsaya: kafin gobarar da ta cinye garin aka sare shi, ko bayanta, da mutane suka dawo suka sake gini?

Yau ta shigo ɗakin aikinsa da takardar sakamakon gwajin gungumen.

"Me suka ce, Dakta?"

"Zobe ɗari da sha biyu a cikin icen, kowanne shekara guda, kuma faɗinsu ya dace da jadawalin itatuwan yankin. Amma na ƙarshe, wanda ke manne da ɓawo, shi ke faɗin shekarar sara. Babu shi, ba a kuma san nawa suka tafi tare da shi ba."

Ya ajiye aikinsa. "Gwajin kabon fa, mai auna tsufan abu?"

"Tazarar shekara tamanin ya ba ni. Shi ma shekarun zoben da aka auna yake faɗi, ba na saran ba."

Ya tuna buhu biyu na kankararren ice da ya zubar ranar da ya goge gungumen, yana fito don murna.

"Ki yafe mini."

"Aikinka ne ya cika kyau, malam kafinta." Ta ninke takardar a hankali. "Zan rubuta cewa ban sani ba."