Barira da Ni'ima Sun Raba Littafi Biyu

Barira da Ni'ima 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma aji ɗaya suke a sakandaren 'yan mata ta kwana da ke Bagudo, amma ko gaisuwa ba ta haɗa su. Tun shekarar da ruwa ya ci gonakin shinkafa a Kaoje ya shafe iyaka, iyayensu ke ta shari'a a kan fadamar gado. Uban Barira ne ke noma ta. Uban Ni'ima ya daɗe da komawa Illo yana fataucin tsallaken iyaka, sai dai ya ce rabonsa na nan. Gabar ta biyo 'ya'yan har makaranta.

Malama Halima Sa'adiya, mai koyar da adabin Hausa, ba ta san wannan ba sa'ad da ta raba littafin ƙagaggen labari na zangon. Kwafin bai isa ba, sai ta haɗa ɗalibai bibbiyu bisa jerin kujeru, littafi ɗaya ya faɗo wa Barira da Ni'ima. Aikin shi ne kowace ta rubuta muƙala a kan tauraron labarin, wani mai jirgin fito da ake kira Namadi, ta nuna yadda halinsa ya sauya daga farko zuwa ƙarshe.

Ranar da aka ba su, a bakin famfo suka kama shi su biyu.

"Sakam mani, ni anka miƙa ma," in ji Barira.

"Halin gidanku ke nan, abin mutum biyu ku ce naku ne ku kaɗai," in ji Ni'ima.

Kowace ta ja, ɗinkin ya ɓalle, littafin ya rabu biyu. Barira ta tafi da farkon, Ni'ima ta tafi da ƙarshen, kuma babu wadda ta yarda ta nemi rabin ɗayar. Sauran 'yan ajin na fama da nasu kwafin, ba mai ba da aro. Kowace ta zauna ta rubuta abin da ke hannunta.

Da Malama ta dawo da takardu, sai ta tsayar da su gaban aji.

"Barira ta ce Namadi azzalumi ne, ya bar tsohuwa a bakin kogi don ba ta biya shi ba, yana dukan ma'aikatansa. Ni'ima ta ce dattijo ne mai tausayi, yana fiton mutane kyauta. Duka biyun suna cikin littafin. Amma ni ba siffanta shi na ce ku yi ba. Yaya yake da farko? Me ya same shi? Yaya ya koma? Ina shafin da ya nuna haka? Ɗayarku ba ta san inda ya ƙare ba, ɗayar ba ta san inda ya faro ba. Ina littafin?"

Suka fito da rabi-rabi. Aji ya kwashe da dariya, Malama kuwa fuskarta ba ta motsa ba. Ta sa wa kowace sifili, ta ce daga yau bayan la'asar za su riƙa zama a ɗakin malamai, teburi ɗaya, har su karance shi duka su sake rubutu. Wadda ta ƙi, sifilin ne zai shiga sakamakonta.

Zaman bai yi daɗi ba. Sun yi musayar rabin ba tare da sun dubi juna ba, Ni'ima ma turo nata ta yi da bakin biro. Malama ta sa kowace ta raba takarda gida uku, farko da tsakiya da ƙarshe, ta riƙa rubuta abin da Namadi ya yi, abin da ya faɗa, da abin da wasu suka faɗa a kansa, da lambar shafi a gefe. Sai da suka kai tsakiyar labarin, inda jirginsa ya kife saboda lodin da ya wuce kima ƙanensa ya nutse, sannan magana ta ɓarke.

"Nan ne ya sake hali," in ji Ni'ima, tana kallon Malama. "Kafin nan bai taɓa cewa laifina ne ba. A babin da ya biyo baya ya faɗa da bakinsa gaban sarkin ruwa. Daga nan bai ƙara dukan kowa ba."

"Bai sake komi ba," in ji Barira. "Ƙarfi nai ya ƙare. Wanda ba ya da jirgi wa za ya doka?"

"Ai ya samu wani jirgin daga baya, kuma kyauta yake fito."

"Don a gani a yaba. Duba babin ƙarshe, matatai ta kawo mai abinci, mi ya ce mata? Ajiye ki ba ni wuri. Kalmar da ya faɗa mata a babi na biyu ke nan, ba ragi. A waje ya zama na Allah, a gida yana nan yadda yake. Na san irinsu. Su tafi su bar wasu da wahala, su dawo da farar riga suna neman rabo."

Ni'ima ta miƙe tsaye, kujerarta ta faɗi. "Ubana kike nufi?"

"Namadi nike nufi. In kin ji zafi, ke kin sani."

Malama, wadda zuwa yanzu ta ji labarin shari'ar iyayensu, ta buga teburi da tafin hannu. "Ku zauna! Rigimar gidanku ku bar ta a Kaoje. Barira, maganar matarsa hujja ce mai kyau, ban ma zaci za ki lura da ita ba. Amma cewa don a yaba masa yake yi, wane shafi ya faɗa?"

Barira ta juya shafukan, ba ta samu ba.

"To wannan daga cikinki ya fito, kada in gan shi a takarda. Ke kuma Ni'ima, kin gano inda ya juya, amma ba za ki tsallake maganar matar ba don ta ɓata miki lissafi. Ki kawo ta, ki faɗi yadda kika fahimce ta."

Suka sake rubutu. Ni'ima ta bi Namadi daga girman kai zuwa nadama, ta kafa mutuwar ƙanen a matsayin mahaɗa, sannan a sakin layi na kusa da ƙarshe ta yarda cewa sauyin bai kai cikin gidansa ba. Ta rubuta wannan tana cizon leɓe, don ta san daga bakin wa ta samo shi. Barira ta jera hujjojinta da kyau, amma a kammalawa ta kasa daurewa, ta rubuta cewa Namadi munafuki ne tun asali. Malama ta ja jan layi a ƙarƙashin jimlar, ta rubuta a gefe: ina shafi? Ni'ima ta fi ta maki.

Barira ta tare ta a hanyar ɗakin kwana.

"Da hujjata kika ci."

"A littafi take, ba a gonarku ba," in ji Ni'ima, ta ratse ta wuce.

Da hutu ya zo, a tasha ɗaya suka tsaya da akwatunansu. Wani ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, da ya san iyayensu ya tambaya ko tare za su tafi, tunda 'yan gida ɗaya ne. Barira ta ce a'a tun bai rufe baki ba. Ni'ima ta hau babur ɗin Illo, Barira kuma ta zauna kan akwatinta tana jiran na Kaoje.