Amsar da Aka Ba Tela

Kwana uku ya rage Baba Mai Wasiƙa ya yi ritaya daga kamfanin keken ɗinki, sai ga Sarauniya ta shigo ofishinsa, ido ya yi ja. Ita ke kula da shafin kamfanin na sada zumunta, shi ne kuma ya laƙaba mata wannan suna na Sarauniya.

"Baba, na yi ɓarna. Manaja ya ce in shafin bai lafa ba kafin a tashi, in ajiye makulli."

Wani tela ne ya rubuta cewa sabon kekensa yana tsinka zare, ya haɗa da baƙar magana. Ita kuwa ta amsa da sunan kamfani: "Ka fara koyon ɗinki tukuna." Wasu biyu da suka tanka, su ma ta yaɓa musu.

"Bari in goge kawai."

"Ba kin ce sun ɗauki hoto suna yaɗawa ba? In kin goge, sai a ce mun zagi mutum mun ɓuya. Zauna, 'yata."

Ya tuna zamanin da ƙorafi ke zuwa a ambulan, wani da ɗigon man keke a gefe. Tsohuwar shugabarsa ba ta bari a amsa wasiƙa sai an karanta ta a bayyane. Fushinka ma, kafin ka zura takarda a tafireta, ya huce.

"Karanta mini nasa. Duka."

"Har da zagin?"

"Ai shi kin riga kin haddace."

Ta karanta. Can ƙasa, inda ba ta kai ba jiya, telan ya ce irin keken nan mahaifinsa ya taka shekara talatin, shi ya sa ya saya.

"To, ga abin da ke masa ciwo," in ji Baba.

Yana faɗa tana bugawa, a ƙarƙashin tsohuwar amsar: "Malam, amsar da muka ba ka jiya ba ta dace ba, ka yi haƙuri. Wanda gidansu ya yarda da mu shekara talatin ya fi ƙarfin haka. Turo mana lambar keken ta saƙon sirri, makanikinmu zai duba shi." Amsar sauran mutum biyun ta rubuta da kanta, kalma ɗaya ya cire mata: "amma".

Manaja ya karanta, ya ce a tura.

Da yamma telan ya amsa: "Na haƙura. Haka kuke magana a da." Ya haɗa da hoton wata wasiƙa da ta koma ruwan ƙasa, wadda kamfanin ya taɓa aika wa mahaifinsa.

Manaja ya leƙo. "Makullin ya zauna wurinki. Amma daga yau, a bayyane za ki riƙa karantawa."

Baba bai ji shi ba. Ya matso da allon wayar kusa da tabarau. Harafin "a" na wasiƙar duk ya ɗan karkace, kamar yadda tsohuwar tafiretarsa ke yi.