Shekara Huɗun Inna Jumai Na Kibiya

Shekara goma sha bakwai Inna Jumai ta yi tana dafa abincin marasa lafiya a wani asibitin kuɗi da ke Rano. Duk wata ana cire mata wani abu a albashi, asibiti ya ƙara nasa, a tura wa kamfanin fansho a Kano. Ba ta iya karatun boko ba, amma takardar albashi ko ɗaya ba ta taɓa yarwa ba. Tana ninke su ta cusa a ƙarƙashin kwanukan jerenta, inda ko ɓera sai ya yi sallama.

Da ta ajiye aiki ta koma gidanta na Yalwa, sai ta ɗauki mota ta je ofishin kamfanin. Aka buga mata bayanin asusunta, doguwar takarda. Ma'aikaciyar ta ja yatsa a kai, ta tsaya a tsakiya.

"Hajiya, nan akwai shekara huɗu da ba abin da ya shigo. Daga baya kuma ya ci gaba. Mu da abin da ke cikin asusu muke lissafi, wanda za a ba ki a dunƙule da wanda za ki riƙa karɓa duk wata."

Da ta faɗi abin da zai riƙa zuwa duk wata, Inna Jumai ta ce a maimaita mata. Aka maimaita. Ta naɗe takardarta ta ce ba za ta sa hannu a komai ba tukuna.

'Yarta Bilkisu, wadda ke aure a Kibiya, ta ji labari ta zo da maganar da ta daɗe tana yi. "Inna, wannan ba zai riƙe ki ba. Ki rufe gidan nan ki dawo wajenmu. Baban Mufida ya ce ɗakin tsakar gida naki ne."

Baban Mufida shi ne Shamsuddeen, mijin Bilkisu. Shekara goma sha biyu da auren, Inna Jumai ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In ya zo gaisuwa, yana tsugune a bakin ƙofa, ita tana bayan labule.

"Ni?" in ji ta. "In tare a gidan suruki? In riƙa ɓoye tuwo a zani kamar ɓarauniya? In yi tari in ce a gafarce ni? Allah ya kiyaye."

Ta lissafa da yatsu, ta gane shekarun da suka ɓace su ne waɗanda aka mayar da ita reshen asibitin na Kibiya. Mai biyan albashi a can kuwa Baballe ne. Shi kuma Baballe a shekarun nan ya sayi babur sabo, ja, mai madubi biyu. To, me ya rage? Kafin la'asar ta faɗa wa Suwaiba mai ƙosai, ta ce amana ce. Kafin ranar kasuwar Kibiya, babur ɗin ya zama mota a bakin mata.

Maƙwabcinta Malam Uzairu, tsohon malamin firamare, shi ya ce a bar surutu a rubuta wasiƙa. Ya shimfiɗa tabarma a zaure da hantsi, ya sa tabarau.

"Rubuta," in ji Inna Jumai. "Ka ce Baballe ɓarawo ne."

"Ba zan rubuta ba."

"To ka ce ya sayi babur."

"Hajiya, kamfanin fansho ba ruwansu da babur. Kawo lambar fanshonki."

Ya rubuta da Turanci, yana fassara mata layi layi. Sunanta kamar yadda yake a takardunta, lambarta, asibitin da ta yi aiki, ranar da ta ajiye. Sannan ya ce bayanin asusunta bai nuna komai ba daga watan kaza zuwa watan kaza, alhali takardun albashi sun nuna an cire. Tana roƙo a binciko, a kuma sanar da ita a rubuce inda maganar haƙƙinta ta tsaya da abin da ya rage ta kawo. Ya sa lambar wayarta a ƙasa.

"Ina takardun albashin?" in ji shi.

Ta shiga ɗaki. Aka ji kwanuka na ƙara kamar ana biki. Ta fito da su tuli guda, Malam ya ware na shekara huɗun, guda arba'in da takwas, ɗaya ta jiƙe da manja.

"Ba na asali za ki ba su ba," in ji Malam. "A yi kwafi a bakin tasha. Wasiƙar ma biyu ce. Su karɓi ɗaya, su buga miki hatimi a ɗayar ki dawo da ita. In ba hatimi, kada ki taso."

Ba ta taso ba kuwa sai da aka buga.

Sati uku amsa ta zo. Malam Uzairu ya karanta. Sun duba, ba a turo musu komai da lambarta ba a waɗannan watanni. Suka ce ta nemi wajen aikinta su ba ta shaidar turawa, da jerin sunayen da ake haɗawa da kuɗin kowane wata. Maganar biyanta tana nan a buɗe har ta kawo.

"Ka ji ko?" in ji ta. "Ba a turo ba. Babur!"

Washegari ta sa mayafinta na zuwa suna ta hau mota zuwa Kibiya. Ta tarar da Baballe a ofishinsa, ya yi furfura, yana cin gyaɗa.

"Inna Jumai, sannu da zuwa. An ce na sayi mota da kuɗinki. Don Allah in kin gan ta ki nuna min, ƙafata ciwo take."

Ta ƙi dariya. Ta ajiye masa wasiƙar kamfani. Ya karanta, ya tashi ya jawo wani tsohon fayil daga saman kabad, ya hure shi. Wata bayan wata, ga sunanta, ga kuɗin, ga takardar banki.

"To ina suka shiga?"

Baballe ya ɗora lambar da ke kan wasiƙarta kusa da wadda ke fayil. Ko ita da ba ta karatu ta ga ba su yi kama ba.

"Wannan lambar wani kamfani ce daban," in ji shi. "Ba a aiko min da fayil ɗinki daga Rano ba. Ina shirin aikawa a tambayo, sai ga wani saurayi da jaka ya kawo min wannan, da hotonki, ya ce an yi miki rajista. Ni kuwa na riƙa turawa. Da kika koma Rano suka ci gaba da tsohuwar." Ya ɗan karkata kai. "Siririn nan mai yawan gaisuwa. Ai shi ya auri Bilkisu, ko?"

Inna Jumai ta nemi kujera ta zauna.

Ta tuna. Lokacin Shamsuddeen yana neman Bilkisu, yana kuma yawon yi wa wani kamfanin fansho rajistar mutane. Wata rana Bilkisu ta shigo ɗaki tana murɗa gefen hijabi, ta ce an ce in bai cika mutum hamsin ba a watan za a sallame shi, saura mutum ɗaya. Shi yana tsugune a waje. Inna Jumai ta ba da hoto, ta miƙa hannu ta ƙasan labule, aka shafa wa babban yatsanta tawada aka danna. Ita kunya ta hana ta tambayi ta mece ce. Shi kunya ta hana shi tambayar ko tana da lamba. Har lema ya bar mata mai tambarin kamfanin, wadda yanzu take rufe kaji da ita.

"Malam Baballe," in ji ta a hankali, "babur ɗin nan fa?"

"Gonata ta ƙauyen Nariya na sayar."

Ya yi mata kwafin jerin, ya rubuta wasiƙar asibiti mai tabbatar da an tura, ya buga hatimi. Ta fita ba ta iya haɗa ido da shi ba.

Gidan Bilkisu ta wuce, ta zauna a ɗaki ta saki labule. Aka kira Shamsuddeen daga shagonsa na sayar da taki, don ya daɗe da barin aikin jaka. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar yadda ya saba.

"Bilkisu, ki ce wa mutumin nan shekara huɗuna suna hannunsa."

"Inna, ai yana jin ki."

"Ki faɗa masa dai."

Da ya gane zancen, sai da ya cire hula. "Inna, wallahi ban sani ba. Lokacin ba a haɗa rajista da lambar ɗan ƙasa ba, da an haɗa, da na'ura ta ƙi karɓa. Amma kuɗin ba sa ɓata. Suna can da sunanki, har riba suna tarawa."

"Bilkisu, ki tambaye shi, riba ta gaske ko irin ta lema?"

Malam Uzairu ya sake rubuta wasiƙa, wannan karon biyu, ɗaya ga kowane kamfani. Ya bayyana cewa mutum ɗaya ce da lamba biyu, ya haɗa takardun Baballe, ya roƙi a haɗe kuɗin wuri guda. Shamsuddeen ya ɗauki shatar mota har Kano, shi a gaba, ita a baya, ba wanda ya waiwaya. Aka sabunta bayananta, aka ɗauki hoto da yatsu, aka duba lambarta ta ɗan ƙasa. Kamfani na biyu ya buga bayanin asusu, ga shekara huɗu cif, sun ma yi ƙiba. Aka ce sai hukumar fansho ta ƙasa ta amince a rufe lamba ɗaya a mayar da kuɗin cikin ɗayar, sannan a sake lissafi. Zai ɗauki lokaci.

Ya ɗauka kuwa. An shuka gero, an yi noman farko da na biyu. A tsakanin nan Malam Uzairu ya sa ta aikin da ya fi tafiya Kano wuya. Ta fara da Suwaiba mai ƙosai, ta bi gida gida tana cewa Baballe bai ci komai ba. Mata suka saurara da ladabi, amma kowa ya ga labarin bai kai na farko daɗi ba, sai da ta ƙara da na yatsa ta ƙasan labule. Wannan kam ya isa Kibiya kafin ita. Ta kuma aika wa Baballe zakara.

Ana gab da yankan gero waya ta yi ƙara. Aka ce an haɗe, ta zo ta ga sabon lissafi. Ba dukiya ba ce, amma da ɗan abin da gonar bayan gida ke bayarwa, zai riƙe mace ɗaya a ɗakinta, da cefanenta da sabulunta.

A ofis aka miƙo takardar da za ta sa hannu. Bilkisu tana gefenta, Shamsuddeen yana tsaye can bakin ƙofa yana kallon silin. Inna Jumai ta ɓoye yatsanta a cikin mayafi.

"Bilkisu, ki ce wa mutumin nan ya matso ya karanta min. Tun daga sama. Har ƙananan rubutun."

Ya karanta yana gumi, yana fassarawa, ita tana kallon bango tana cewa a maimaita. Sai da ya kai ƙarshe ta fito da yatsan.

A hanyar dawowa Bilkisu ta ce, "To Inna, ɗakin tsakar gidan fa?"

"Ku zuba taki a ciki," in ji ta. "Direba, Yalwa za ka sauke ni."