Layin da Malam Muntaka Ya Gyara

Malam Muntaka, sabon malamin kimiyya a wata sakandaren Karaye, ya zana a allo yadda zafi da matsi ke sauya ruwa. A littafi, layin da ya raba ƙanƙara da ruwa ya karkata hagu. Ya ɗauka kuskure ne, ya mayar da shi dama.

Bayan darasi shugabar sashe, Malama Nuriyya, ta leƙo.

Ta ce, "Malam, layin tafasa daidai ne. In matsi ya ƙaru, sai ruwa ya wuce digiri ɗari zai tafasa. Amma ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri, matsi narkar da ita yake. Daskarewa sai ƙasa da sifili, shi ya sa layin littafi ya karkata hagu."

Ya goge allo. Ɗalibai sittin kuwa tuni sun kwafa, sun tafi gida.