Shayin Yaya da Rubutun Baba

Na sha gaya wa Yaya ya daina ajiye kofin shayi kusa da kwamfutata, amma shi maganar ƙanwa ta kunnen hagu take shiga ta fita ta dama.

Shagon buga bana, wato kyallen talla, na Babanmu ne, Allah ya jiƙansa. A zamaninsa da burushi da fenti yake rubuta allunan shaguna, kuma ko daga nesa ka hango allo ka san hannunsa ne. Da ya rasu Yaya ya karɓi shagon ya sayo injin buga bana, ni kuma nake tsara zane a laftof ɗina, don kwamfutar shagon ta mutu tun tuni, kullum sai "za a gyara". Shekaru na yi ina bin tsofaffin allunan Baba ina ɗaukar hoto, ina kwaikwayon haruffansa ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, har suka cika. Allunan yanzu duk an shafe su ko an cire. Burina a sake allon ƙofar shagonmu da rubutunsa, Mama ma ta ƙagu ta gani. Na taɓa ajiye kwafin aikin a filashi, Yaya ya ara, ya goge, ya zuba wa wani kwastoma hotuna ya ba shi. Har ranar da abin ya faru bai sayo min madadinta ba.

Da safen ranar wani mai shagon katifa ya zo da aikin gaggawa, doguwar bana ta rangwame. Yaya ne ya ce in gwada haruffan Baba a kai. Na haɗa laftof da injin, aiki ya fara fita, ja da ruwan ɗorawa gwanin kyau. Bana ta kai wajen rabi Yaya ya juyo zai nuna wa mai katifa wani abu, gwiwar hannunsa ta ture kofin. Shayi mai madara, an cika masa sukari kamar yadda yake so, ya malale a kan madannai.

Na yi wuf zan zare caja, ya riƙe min hannu.

"Ke Auta, me za ki yi?"

"Kashewa zan yi, Yaya! Sake ni!"

"Ki kashe? Injin daga cikinta yake karɓar aikin. Kina kashewa bana ta tsaya a rabi, ledar ta tashi a banza."

"Leda ana sayen wata. Ruwa na gangarawa ciki, wuta kuma na gudana. Yanzu-yanzu ake kashewa, a kifa ta!"

"Haba, ga ta nan tana aiki lafiya lau. Ba ki gani?"

Ya zaro hankici ya hau goge madannan yana dannawa da ƙarfi, wato abin da ya tsaya a sama ma ya tura shi ƙasa. Mai katifa ya gyara zama ya ce shi ma wayarsa ta taɓa faɗawa bokiti kuma ga ta nan da ranta. Ban tambaye shi ba. Wallahi raina ya ɓaci, amma Yaya ya tsaya tsakanina da teburin kamar mai gadin banki, a gaban baƙo kuma ban iya ture yayana ba. Ina ji ina gani shayi na tsiyaya ta gefen da aka soka caja.

Bana ta fita har ƙarshe. Yaya ya kalle ni da murmushin "ba na gaya miki ba". Bai rufe baki ba allon kwamfutar ya fara ƙyaftawa, haruffa suka riƙa rubuta kansu, wani ƙauri ya taso, sai ɗif.

"Bari in gani," in ji shi, ya danna maɓallin kunnawa. Ya sake dannawa.

"Yaya, don girman Allah daina! Duk dannawar nan wuta kake sake tura mata."

"To a hura mata zafi," ya miƙa hannu ga na'urar da muke gasa sitika da ita. Mai katifa ya ce a'a, a binne ta cikin buhun shinkafa. Likitoci sun yi yawa, mara lafiya na mutuwa. Na fizge caja, na buɗe laftof ɗin na kifa ta a kan tawul, bakinta ƙasa, na rungume ta a haka na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Mai gyara yana ƙarshen layinmu, wani dattijo mai gilashi biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Bai ɓata lokaci da gaisuwa ba. Ya kwance bayanta, ya fara cire wayar batir, sannan ya ɗago.

"Me ya zuba?"

"Shayi. Da madara da sukari."

"An kashe nan take?"

Na girgiza kai.

"An bar ta a caja kenan." Ya ja tsaki. "Malama, da a lokacin aka zare caja, aka danne maɓallin har ta mutu, aka kifa ta aka kawo min, da sai in cire batir, in wanke allon ciki da sifirit, in bar shi ya bushe sarai. Sau da yawa madannai kawai ake canzawa. Ruwa shi kaɗai ba ya ƙona komai nan da nan, sai ya haɗu da wuta ya haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba. Shayi kuma ko ya bushe, danƙonsa na nan yana cin ƙarfe. Shinkafa ba ta wanke wannan, zafi kuwa narka roba zai yi."

"Kwamfutar ta tafi, na haƙura. Aikin da ke ciki fa?"

Ya sauko da gilashin goshi, ya daɗe yana aunawa. Sannan ya nuna min wani ɗan baƙin abu da tsinken hannunsa, gefensa ya yi toka-toka.

"Irin wannan ma'ajiyarta a like take da allon, ba a zare ta. Wuta mai ƙarfi ta bi ta nan ta shige ta. Ba zan yi miki ƙarya ba, babu abin da zan iya cirowa."

Da yamma Yaya ya shigo gida da fara'a, wai mai katifa ya yaba aiki har ya yi alkawarin kawo wani. Da na gaya masa abin da mai gyara ya ce, sai ya sosa ƙeya.

"Ƙaddara ce, Auta. Zan saya miki wata."

Ƙaddara! Zubar shayin na yarda ƙaddara ce, kowa na iya ture kofi. Amma hannun da ya riƙe nawa na san mai shi, uwa ɗaya uba ɗaya muke.

Washegari na bi ta gaban shagon katifa. Ga bana an ɗaure ta sama, RANGWAME, KATIFA DA FILO, da lanƙwasar nan ta Baba da nake ganewa tun ina ƙarama ina riƙe masa gwangwanin fenti. Abin da ya rage na hannunsa a duniya kenan, tallan katifa. Na ɗauki hoto, amma haruffan da ke kai ba su kai rabin waɗanda na tara ba, sauran kuma babu allon da zan koma in duba.

Ina dawowa na tarar da Mama a tsakar gida tana ninke wanki, Yaya na gefe da kofinsa.

"Auta, wai yaushe za a ɗaga allon Babanku ne? Na ce wa ƙannensa su zo su gani."

Na ja kujera na zauna, na juya na fuskanci Yaya.

"Yaya, Mama na tambaya."