Kashi Ɗaya Cikin Huɗu

A sashen tiyata na asibitin babu wadda ta kai Sista tsokanar Kaka. Kaka tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, aka yi mata walima har da kyautar agogon bango, amma ba a rufa shekara ba sai ga ta ta dawo aikin kwantiragi, tana jan ƙafa cikin wasu takalman roba masu faɗi kamar kwale-kwale. Kowa ya san dalili. Tun tana da ƙarfinta ta ciri wani kaso na kuɗin fanshonta ta sayi gida, yanzu abin da ake ba ta a wata ba ya riƙe ta. Sista takan ce majinyacin da zai jira Kaka ta kawo almakashi, kafin ta iso ya warke da kansa. Kaka sai ta yi dariya, ta ce wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa.

To, yau ga Sista da kanta zaune a ofishin kamfanin fansho.

Matsalar ɗanta ce ta kawo ta. Shi kaɗai Allah ya ba ta kafin mijinta ya rasu. Shekararsa goma sha tara, jiki na ƙato, hankali na ƙaramin yaro. Direba ake ce masa, domin tun safe yake ɗaukar murfin tukunya ya mai da shi sitiyari, yana rurin mota da baki har da canjin giya. Gida uku aka tashe su saboda wannan motar. Kuma duk tashi sai Direba ya yi kwanaki ba ya cin abinci, yana buga goshi a bango har jini. Yanzu mai gida na huɗu ya ba su zuwa ƙarshen wata mai kamawa.

Ta samu gida na sayarwa, ɗaki biyu da falo a ƙarshen layi, bango ɗaya da garejin kanikawa. Wasu hayaniyar garejin ce ta kore su, ita kuwa ita ce ta jawo ta: wa zai ji motar Direba a cikin motocin gaske? Banki ya yarda zai ba ta bashi, in ta ajiye nata kason tukuna. Ba ta da shi a ko'ina sai a asusun fansho.

Ma'aikaciyar da ta karɓe ta yarinya ce mai gilashi, ba ta da gaggawa, abin da ya ƙara ƙular da Sista. Ta duba takardar amincewar banki, ta ce ka'ida ta ba ta damar cire har kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta tara, sau ɗaya tak, kuma kuɗin ba hannunta zai zo ba, banki za a tura wa kai tsaye. Sista ta ce duk ta sani, a nuna mata inda za ta sa hannu.

"Anti, bari dai ki ga wannan tukuna," in ji yarinyar, ta juyo mata fuskar kwamfuta.

Ta ce kuɗin nan ba kwance yake ba, juya shi ake yi, riba tana haifar riba. Saura mata shekara goma sha biyar ta ajiye aiki. In riba ta tafi yadda ta saba, wanda hasashe ne ba alkawari ba, abin da za ta cire yau da ya kusa ninka uku kafin lokacin. Ko da za a ci gaba da zuba mata sabo kowane wata, fanshonta zai ragu da kamar kashi ɗaya cikin shida, kuma ba na shekara guda ba, har ƙarshen rayuwa.

Wayar Sista ta yi ƙara. Dillalin gidan da take son saya ne. Wani ya zo da kuɗi a hannu, mai sayar da gidan ya ce in bai ga shaidar an fara biya ba kafin ƙarshen mako, ba ruwansa. Ta kashe wayar.

Ta ce wa yarinyar ai kuɗin haya zai tsaya, wannan ma riba ce. Yarinyar ta ce gaskiya ne, kuma gidan zai zama nata, amma ta sa yatsa a kan wani layi na takardar bankin. Bashin na shekara ashirin ne. Biyar na ƙarshe ba daga albashi za su fita ba, daga wannan ragaggen fanshon ne. Tana iya ƙara zubi na ganin dama don cike gurbin, in albashi ya bar rara bayan banki ya ɗebi nasa. Sista ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Rara kuma?

Ta daɗe tana lallashin bayanta mai ciwo da cewa ya yi haƙuri, tana cika hamsin da biyar za ta nemi ritaya ta huta da tsayuwar tiyata. Nan take ta ga wannan mafarkin ya bi ruwa, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Ƙanwata, in na mutu fa? Abin da ya rage na waye?"

"In kin zaɓi a riƙa biyanki daga asusun a hankali, ragowar ta magajinki ce. Sai dai ita ma za ta ragu."

"Magajin nawa ba zai taɓa yin aiki ba," in ji Sista. "Baki biyu ne a kan kuɗin nan."

Yarinyar ta cire gilashinta ta goge.

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon matar da ke zama da Direba ce. Mai gidan hayarsu ya shigo da masu neman haya suna leƙa ɗakuna, Direba ya shige bayan ƙofa ya fara. Ba sai ta faɗi abin da ya fara ba. Sista tana jin bugun ta cikin wayar, dum, dum, goshi da bango. Ta ce a sa masa matashi a tsakani, a ba shi murfinsa, tana zuwa.

Ta dubi lambobin nan biyu a kwamfuta, fanshon da za ta samu in ta bari da wanda za ta samu in ta cire. Ta sha jin tsoro a ɗakin tiyata, amma can akwai likita da za a duba. Nan ita ce likitan, ita ce kuma a kan gadon. Ta ce a ba ta biro. Ta sa hannu a takardar cire kuɗin.

Ta wuce gida ta wanke wa Direba goshi, ta zauna da shi har motarsa ta sake tashi, sannan ta tafi aikin yamma. A barandar sashen ta hango Kaka tana tahowa da tiren kayan aiki, tana dafa bango. 'Yan matan nas suka juyo suna jiran tsokanar yau. Sista ta tare ta, ta karɓi tiren, ta jawo mata kujera.

Kaka ta dube ta sama da ƙasa. "Lafiya, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Kaka." Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafun tsohuwar. "Takalman nan naki, a ina ake sayar da su?"