Ɗantsoho a Cikin Rumbu

A shekarun da sulalla suka fara korar wuri daga kasuwa, akwai wani mahauci a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, ana ce masa Ɗantsoho. Mutum ne mai fara'a da son hira, har ranar da bashi ya hau kansa.

Ya karɓi raguna biyu a hannun Sajo, wani Bafulatani, a kan zai biya in ya sayar da nama. Naman ya ƙare, amma rabin masu saye bashi suka ɗauka, sauran kuɗin kuma cefane ya cinye. Ga damman gero da Iya A'i mai hatsi ta ranta masa da rani. Ga haraji ya matso.

Kunya ta kama shi. Ya daina fita fawa, ya daina zuwa kasuwar Maigatari, masallaci ma sai ya leƙa ya ga wanda ke sahu. Da ya ji sallama sai ya yi wa matarsa Kyauta raɗa: "Ki ce ba na nan."

"Malam, bakina ya gaji da ƙarya," in ji ta.

Wata ranar bazara da hantsi ya hango malafar Sajo tafe. Ya zagaya bayan danga, ya haye tsohon rumbunsu wanda ba ko zangarniya a ciki, ya jawo jinka ya rufe.

Kyauta na kallonsa. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a gindin rumbun, ta ce wa Sajo, "Zauna nan, Baffa, nan ne inuwa." Ta leƙa maƙwabta ta kira Iya A'i, ta dama musu fura, ta zauna ita ma.

A ciki zafi ya fara dafa Ɗantsoho. Gumi ya jiƙa masa riga, ƙaiƙayin gero ya shiga wuyansa.

"Ina maigidan?" in ji Sajo.

"Bai yi nisa ba," in ji Kyauta. "In ka ɗaga murya ma zai ji."

Sajo ya kurɓi fura ya ce shi ba kuɗin ne ya fi damunsa ba. Tafiyar da yake shawowa daga ruga ce, a ce masa ba kowa. "Da ya ce mini babu, ai na san babu. Yanzu ga bunsuru zan sayar, na rasa wanda zan ba."

Iya A'i ta ce, "Ni wa ya ce masa ina neman gero da bazara? Sai kaka muka yi da shi. Amma ya gan ni a bakin rijiya, ya juya kamar ya ga kura."

Ɗantsoho ya so ya ci gaba da saurare, sai cinnaka ya samu hanya cikin wandonsa. Ya daure, ya ciji leɓe. Cinnaka ya ƙara cizo. Ya zabura, kansa ya ɗaga jinka, ya fito fari fat da ƙura.

"Sannu da aiki, Malam," in ji Kyauta. "An gama sharar?"

Iya A'i ta yi dariya har da hawaye. Sajo kuwa matsawa ya yi, ya nuna masa gefen tabarma.

Da ya sha ruwa, numfashinsa ya dawo, Kyauta ta ce ya faɗi komai a bainar su, kada ya rage. Ya fara lissafi: na Sajo kaza, na Iya kaza, haraji kaza. Abin mamaki, da ya faɗa da baki sai ya ji bai kai yadda yake a ransa ba. Ya faɗi abin da yake da shi: fatu a rataye, da bashin naman da yake bin mutane, wanda ɓuya ta hana shi karɓa.

Suka tsara. Kuɗin fatu ya tafi haraji, don shi ne ba ya jira. Geron Iya sai kaka, kamar yadda aka yi tun farko. Sajo kuma za a riƙa rage masa duk ranar kasuwar Maigatari.

"Rabi zan kawo maka ran Alhamis," in ji Ɗantsoho, ya ɗauki zafi.

"Kada ka yi alkawarin da zai mai da kai rumbu," in ji Sajo. "Faɗi wanda za ka iya. Ranar da babu, ka zo da ƙafarka ka ce babu."

Ɗantsoho ya rage, Iya A'i ta zama shaida. Sajo ya bar masa bunsurun, da sharaɗin kuɗinsa ya fito kafin wani ya ɗauki nama bashi.

Ran Alhamis ya shiga Maigatari ta tsakiyar kasuwa, yana gaisawa da kowa. Bai yi nisa ba ya hango Ya'u maɗinki, wanda ya ci masa cinyar rago bai biya ba, ya duƙa bayan wani raƙumi yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

Ɗantsoho ya zagaya, ya duƙa kusa da shi.

"Ya'u, tashi mu gaisa. Nawa za ka iya yau?"